Yarana na rera ƙirga har ashirin amma ba sa iya ƙirga abu, a taimaka

Maman Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Don Allah shawara nake nema. Ina riƙe da ajin 'yan shekara huɗu zuwa biyar, su 32, kuma mai makaranta ta ce kafin ƙarshen zango su iya ƙirga har ashirin. Muna da waƙar da muke yi da tafi, ɗaya zuwa goma ba matsala, amma daga sha ɗaya sai abin ya rikice, wasu su tsallake, wasu su ce sha tara sha goma. Kuma in na zube murafun lemo na ce a ƙirga, baki na gudu hannu na baya. Wace irin waƙa da motsi kuke yi da ta yi muku aiki?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Malama maimaici ne kawai maganinsa. Mu kullum da safe a layi kafin a shiga aji sai an yi ƙirgar sau uku da ƙarfi, wata ɗaya ba a yi ba duk sun haddace har ƙananan ciki. Ki dage da hakan.

Malama Hajara:
Malam Habu gaskiyarka ta ɓangaren jerin sunayen, dole sai da maimaici yaro zai riƙe cewa bayan shida bakwai ce. Amma a layi murya talatin ce ke tafiya tare, wanda bai iya ba yana fakewa ne cikin na kusa da shi, ba za ka gane ba sai ka ware shi.

Maman Walida ni abin da na fi zargi shi ne tafin nan naku. Ki saurara gobe da kyau. Daga ɗaya zuwa goma kowace lamba kalma ɗaya ce, tafi ɗaya, komai na tafiya daidai. Da an zo goma sha ɗaya kalma uku ce, sai ki ji yara sun yi tafi biyu ko uku a kanta saboda bakinsu suke bi, to yaron da ya saba haka in kin ba shi murafu zai ture biyu ko uku a lamba ɗaya, ko kuma ya daburce ya bar hannun gaba ɗaya ya ci gaba da rerawa. Dokar da nake bi ita ce lamba ɗaya motsi ɗaya, kuma motsin ya faɗo kan kalmar ƙarshe. Kalmar sha a ja ta a hankali hannuwa a buɗe, a kan ɗaya a tafa. Sannan ki rage gudun waƙar sosai, kamar takun mai tafiya a natse, in ke kin ji ta yi miki sanyi to su daidai take musu.

Ga wadda na haɗa wa ajina, ba wani abu ba ce, bayarwa da amshi ce. Ina zaunar da su kan tabarma a cire takalma.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar
Amshi: Hannu ɗaya ya cika!
Shida, bakwai, takwas, tara, goma
Amshi: Hannu biyu sun cika!
Sha ɗaya, sha biyu, sha uku, sha huɗu, sha biyar
Amshi: Ƙafa ɗaya ta cika!
Sha shida, sha bakwai, sha takwas, sha tara, ashirin
Amshi: Mutum guda ya cika!

Kowace lamba yatsa ɗaya ake ɗagawa ko a taɓa, a wurin amshi ne kaɗai suke kaɗa hannu ko ƙafar yadda suka ga dama, a ashirin kuma kowa ya miƙe ya yi tsalle ɗaya babba. Amfanin amshin shi ne yana yanka musu tafiyar biyar biyar, suna samun wurin numfashi, in yaro ya ɓata ba sai ya koma ɗaya ba, ya san inda zai kama.

Anti Rabi:
Ni dai tura wa iyaye bidiyon waƙar ƙirga nake yi a waya, akwai su da yawa masu katun, yara na so sosai. Kuma ki sa su riƙa rubuta 1 zuwa 20 a littafi kullum shafi ɗaya, hannu zai faɗa.

Maman Walida:
Na gode Anti. Rubutun muna yi, suna kwafa daga allo tsaf, amma wanda ya rubuta 14 in na ce ba ni murafu sha huɗu sai ya ɗebo min cikin hannu kawai. Nan ne damuwata. Malama Hajara Allah ya saka, wallahi yanzu da kika faɗa na tuna tafin yana cakuɗewa daidai wurin.

Baban Sadik:
Ni ba malami ba ne, matata ce ke koyarwa nake leƙowa nan. Amma ina da tambaya kan waƙar Malama Hajara. In yaro ya sunkuya yana taɓa yatsun ƙafa ai da hannun yake taɓawa, goman da ya ɗaga ta ɓace ke nan. Ɗana mai shekara huɗu haka yake yi a gida, da ya koma ƙafa sai ya sake farawa ɗaya biyu uku, in na ce a'a sha ɗaya ne sai ya kalle ni ya ce ai wannan yatsa ɗaya ne. Kuma ban san me zan ce masa ba don gaskiya yatsa ɗaya ne.

Malama Hajara:
Baban Sadik ɗanka ya kama ainihin raunin waƙar, shi ya sa ba na tsayawa a kanta, sati na farko kawai nake yin ta ƙafa don jerin ya zauna a baki. Daga nan sai in haɗa su biyu biyu suna fuskantar juna. Na farko ya ƙirga yatsunsa har goma ya bar hannuwan a sama a ware, kar ya sauke. Sai duk su rera, "Hannuna ya cika, aboki ara min naka." Na biyun ya fara ɗaga nasa ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan cikakken suna muke faɗa, a goma a kalli mai hannu a sama, a sha uku a kalli yatsu ukun abokin. Goman tana nan tsaye yana ganinta, ukun ƙari ne a kanta. Sai a juya kowa ya yi goma. Hannun yara na gajiya da wuri, kar zagaye ɗaya ya wuce minti ɗaya, in sun gaji su ɗora tafin hannu kan gwiwa yatsu a ware.

Kai a gida ka zama goman, shi ya riƙa ƙarawa.

Maganar sha tara sha goma kuwa Maman Walida kar ta tayar miki da hankali, ni daɗi nake ji in na ji ta, don wanda ya faɗi haka ya gano tsarin da kansa, ba hadda ba ce tunda ba wanda ya taɓa faɗa masa. Kar ki ce ba daidai ba ne. Ki ce eh goma da goma ne, sunanta ashirin, ku yi tsallen. Wanda ya fi buƙatar ki zauna da shi shi ne mai tsallakewa, yau ya bar sha shida gobe ya bar sha bakwai, wannan sauti yake bi.

Uwar Biyu:
Mu abin da muke yi kaji da akurki ne. Ina zana babban da'ira da alli a ƙasa, ko da kara in a waje ne, yara su jeru, ana rera "kaza kaza shiga akurki, ke ce ta sha biyu," wadda aka taɓa ta yi tsalle ta shiga tana kaɗa fiffike. Dole waƙar ta jira yaro ya shiga kafin a ci gaba, baki ba shi da damar yin gudu. Sai dai da yara 32 sauran sha biyun za su fara rigima, sai ki ba su aikin tafi su ne masu ƙirga, zagaye na biyu su shiga farko.

Sannan don Allah a kula da abin da ake ba su su ƙirga. Murfin lemo na roba da dama dama, amma wake da 'ya'yan tsamiya da tsakuwa ƙanana kar a kusa, mun taɓa kwana asibiti da yaron maƙwabta kan wake a hanci.

Malama Hajara:
Wannan wasan ya yi kyau, zan ɗauka. Ki ƙara abu ɗaya, ki riƙa tsayar da waƙar a tsakiya ba zato, misali a sha huɗu, ki tambayi yaro ɗaya kaji nawa ne a ciki. In ya ce sha huɗu kai tsaye ya gane cewa lambar ƙarshe ita ce yawan duka. In ya koma ƙirgawa daga ɗaya ko ya nuna ta ƙarshen ya ce ga sha huɗu nan, to da saura, ki mayar da shi ƙananan lambobi, huɗu biyar shida, har ya kama a can.

Na murafun kuma ki nemi kiret ɗin ƙwai na kwali, mai gurbi 30 ɗin nan, layi shida ne na biyar biyar, in kin yanka layi bibbiyu zai ba ki gida uku masu gurbi goma. Kowane yaro ko kowane biyu a ba su gida biyu. A rera waƙar a hankali, lamba ɗaya murfi ɗaya a gurbi, ba a taɓa gida na biyu sai na farko ya cika. Nan take za ki ga wanda hannunsa ke baya, don ana cewa goma shi gurbinsa biyu ba komai. Minti biyar zuwa bakwai ya isa a zama ɗaya. Kuma kar ki kai su ashirin a rana ɗaya, ki tsaya sha biyar har sai yawancinsu na cika gurbin daidai, sannan ki buɗe baiti na huɗu.

Malam Habu:
To duk na ji, amma da wane yare? Mu iyaye da Turanci suke gwada yaro in ya koma gida, in bai yi ba su ce ba a koyarwa. Ni haɗawa nake yi, in faɗa da Hausa su amsa da Turanci.

Malama Hajara:
Ni ba na haɗawa a waƙa ɗaya, don motsi ɗaya ya zama yana da suna biyu a jere, wasu sai su ɗaga yatsa biyu. Ina farawa da Hausa tunda sunan lambar da kansa yana nuna goman da abin da aka ƙara, na Turanci 11 da 12 ba sa nuna komai sai an haddace, 13 da 30 kuma kusan sauti ɗaya ne a kunnen yaro. Bayan an dawo hutun tara nake yin na Turancin da motsin nan dai da kiret ɗin nan dai.

Malam Habu:
Nawa dai ban ga ya ruɗa su ba gaskiya, amma zan ware biyar daga cikinsu in ba su murafu in gani.

Maman Walida:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan fara da ta yatsun ranar Litinin, kiret kuma zan tambayi mai shayin bakin layinmu. Tambaya ɗaya ta rage, akwai uku a ajin da ko goma ba su kai ba, in haɗa su da waɗanda suka iya a wasan biyu biyun ko in ware su?

Uwar Biyu:
Ki haɗa su, su riƙe goman kawai.

Malama Hajara:
A waƙa su shiga da kowa, amma lokacin kiret ki ba su gida ɗaya kawai ki zauna kusa da su. Shekarunsu nawa, kuma yaushe aka kawo su?