Motata Ta Kusa Cin Bango a Zango na Huɗu: Risibar Jabu Ce ko Benayen Ne?

Sadiƙ: 'Yan uwa, an cuce ni. Ƙaramar mota ce mai tuƙa kanta, tana aiki da manhajar ArduPilot Rover da risibar GPS NEO-M8N, zango shida, wato wuraren da za ta bi a taswira, na sa mata a harabar wasu ofisoshi a Abuja. A fili tana taka kowane zango daidai. A hanyar zango na huɗu, da ta shiga lungun da ke tsakanin benaye biyu masu hawa takwas, faɗinsa mita 14, tsawonsa mita 60, sai ta bar tsakiya ta nufi bango. Allon yana nuna taurari 13, HDOP kuma, lambar da ƙanƙantarta ke nuna GPS yana lafiya, 0.9. Wannan GPS ɗin jabu aka sayar mini, ba wani bayani.

Injiniya Bilki: Sadiƙ ƙanena, ajiye kalmar jabu tukuna. Risibar da ta yi daidai a fili ba ta canza hali don ta shiga lungu ba, sama ce ta canza mata. Bene mai hawa takwas ya kai mita 25. Idan motar tana tsakiya, mita 7 ne tsakaninta da kowane bango, don haka duk tauraron da ke bayan bene kuma bai kai digiri 74 a sama ba, eriya ba ta ganinsa kai tsaye. Amma siginarsa ba ta ɓace ba. Tana tsallake rufin benen, ta daki gilashin ɗaya benen, ta dawo kan eriya kamar amsa-kuwwa. Risiba kuwa da lokacin isowar sigina take auna nisa, ba ta san an yi zagaye ba. Ƙarin tafiyar ana lissafa shi haka, d nisanka da bangon da ya maido siginar, e tsayin tauraron a digiri:

```
extra = 2 * d * cos(e)
2 * 7 * cos(55°) = 8.0 m
```

Tauraro ɗaya da ke digiri 55 ya ƙara mita 8 ke nan a ma'auninsa. Biyu ko uku su yi haka daga ɓangare guda, sai ɗigon motar ya koma gefe a taswira alhali tana tsakiyar hanya. Ita kuma sai ta "gyara" kuskuren da babu shi, ta doshi bango.

Auwal Mai Solda: Hajiya, duk na ji, amma jabu akwai shi. Kasuwa cike take da alluna masu tambarin M8N da wani guntu daban a ciki. Kada a wanke masu kaya tun ba a bincika ba.

Sadiƙ: Yauwa Malam Auwal. Abin da nake faɗa ke nan.

Injiniya Bilki: Ban ce babu ba. Minti biyar ya isa a gane: a haɗa risibar da kwamfuta, a buɗe manhajar u-center, a duba saƙon `UBX-MON-VER`, a ga abin da ta faɗa game da kanta. Amma ko ta asali ce daga masana'anta, a wannan lungun abin da za ta yi ke nan.

Auwal Mai Solda: Ana iya sa na jabu ya amsa saƙon da sunan na asali. Sai an ɗaga murfin ƙarfen an ga guntun da ido.

Nura: To a fasa kaya mai aiki don a ci gardama? Kai kullum sai ka kawo maganar kasuwa.

Auwal Mai Solda: Ni nake gyara su, kai oda kawai ka iya yi. Ba da kai nake ba.

Malam Habu: Ni kalmar ce ma ban yarda da ita ba. Jabu shi ne abin da aka yi don ya yi kama da wani. Wanda masana'anta ta yi amma aka jona shi da eriya mai arha ba jabu ba ne, maras inganci ne. Kuma yawancin allunan nan matsalarsu eriyar ce: ƙaramar tangaran ce ba tare da faranti a ƙarƙashinta ba. A sa mata farantin alminiyam mai faɗin santimita 10, a ɗaga ta sama da batir da wayoyin mota. Sigina daga tauraro tana murɗawa ta dama, idan ta daki bango sau ɗaya sai ta juye ta hagu, eriya mai kyau tana rage ƙarfin ta hagun.

Auwal Mai Solda: Maras inganci da aka sayar da kuɗin mai inganci, me sunansa in ba jabu ba?

Malam Habu: Sunansa tsada.

Nura: Ku bar wannan. Maganin a fili yake, RTK, wato a kafa tasha a ƙasa tana aiko wa motar gyara. A sayi risibar ZED-F9P guda biyu, ɗaya tasha ɗaya kan mota, kuskure ya dawo santimita biyu. Duk wanda yake fama da M8N a yau wahalar da kansa yake yi.

Injiniya Bilki: Nura, santimitar nan a fili ake samunta. Tashar RTK tana cire kuskuren da ita da motar suka yi tarayya a kai: agogon tauraro, hanyarsa, da jinkirin da sararin sama ke jawowa. Amsa-kuwwar bangon da ke mita 7 da motar, tashar ba ta san da ita ba, ba ta da abin da za ta aiko a gyara. Abin da za ka gani shi ne `RTK Fixed` ya faɗo `RTK Float` da zarar an shiga lungun, wani lokaci har `3D Fix`. Mafi muni shi ne ya kulle a kan amsar da ba daidai ba, yana nuna Fixed, kai kuma ka amince.

Nura: Amma F9P yana jin sigina iri biyu daga tauraro, kuma yana bin GPS da GLONASS da Galileo da BeiDou a lokaci guda. M8N uku kawai yake iya haɗawa. A siririyar sama irin wannan, yawan taurari ba wasa ba ne.

Injiniya Bilki: Wannan gaskiyarka ce, zai fi samun taurarin da ke tsaye bisa kai, kuma zai farfaɗo da wuri idan an fito. Ban yarda dai a ce ya kashe matsalar ba.

Zainab: Ni a gonar gwaji irin wannan ta faru, motar tana ta kewaya zango ba ta tsayawa. Da aka mai da `WP_RADIUS` daga 2 zuwa 5 shi ke nan. Yaya Sadiƙ ka gwada.

Malam Habu: Zainab, taki daban. Taki ta isa wurin ne ta kasa yarda ta isa. Tasa a kan layi tsakanin zango biyu take karkacewa, faɗaɗa da'irar zango ba ya taɓa wannan. A lungu mai mita 7 kowane gefe ma, da'irar mita 5 ta kusa taɓa bango. Abin da zan ƙara shi ne `GPS_MIN_ELEV` a sa 15, a zubar da taurarin da ke ƙasa-ƙasa.

Injiniya Bilki: A bakin lungu zai taimaka, Malam. A ciki kuwa mai laifin yana digiri 55, shingen 15 ba ya kama shi. In ka ɗaga shingen har ya kama shi, ba za a bar maka taurarin da za su isa lissafi ba.

Sadiƙ: To HDOP 0.9 fa? Ba ƙarya ta yi mini ba?

Injiniya Bilki: HDOP yana faɗin yadda taurarin da ake amfani da su suka bazu a sama ne kawai. Wanda aka ji ta bango ma an ƙirga shi, shi ya sa lambar ta yi kyau. Ga gwajin da zai raba gardama. Ajiye motar a fili minti 10 ba motsi, ka ɗauki bayanai. Kai ta tsakiyar lungun ka sake minti 10. A `UBX-NAV-SAT` duba ƙarfin kowane tauraro: a fili masu kyau suna haura 40, a lungu za ka ga waɗanda ke bayan bene sun faɗo wajen 30 suna hawa suna sauka. Sannan ka dubi ɗigon a taswira. In amsa-kuwwa ce, zai fi yawo daga bango zuwa bango, ba tsawon hanya ba, domin ta tsawon hanya sama a buɗe take.

Gyaran kuwa shi ne kada motar ta dogara da GPS a mita 60 ɗin nan. A sa enkoda, na'urar ƙirga juyin taya, a tayoyin baya biyu, a cika `WENC_CPR` da `WENC_RADIUS`, sannan a shirya tushe na biyu da motar za ta riƙa sanin inda take da shi:

```
EK3_SRC2_POSXY = 0
EK3_SRC2_VELXY = 7
EK3_SRC2_YAW   = 1
```

Zango ɗaya a fili mita 10 kafin bakin lungu, inda GPS ke da lafiya, ɗaya mita 10 bayan fita, babu ko ɗaya a ciki. A zangon farko a juya zuwa tushe na biyu, da makunnin rimot mai `RCx_OPTION = 90` ko da rubutun Lua, a na biyu a dawo. Tafiyar mita 80 ce. Kuskuren alkibla na digiri 1 yana ba da kusan mita 1.4 a gefe a ƙarshenta, digiri 3 ya wuce mita 4. Alkiblar ce abin tsoro, ba nisan ba.

Malam Habu: A nan nake da ja. Kin sa alkibla a hannun kamfas, a tsakanin benaye masu cike da rodi, ga motoci a fake, wataƙila ga janareta. Kamfas zai iya kaucewa fiye da digiri ukun nan. Ni zan sa ma'aunin nisa na leza yana kallon bangon dama, motar ta riƙe mita 7 daga gare shi. Bangon da ya ɓata sigina shi ne abu mafi tabbas a wurin.

Injiniya Bilki: In bangon a miƙe yake. Ƙofar gareji ɗaya a buɗe ko gilashi a ƙasa, lezar ta tafi. Kuma wannan sai an rubuta masa lambar tuƙi ta daban. A tura motar da hannu a kan layin tsakiya a ga digiri nawa kamfas ɗin yake kaucewa, kafin a yanke masa hukunci.

Auwal Mai Solda: Kamfas ɗin ma a kan allon nan guda yake. In allon jabu ne, shi ma jabu ne.

Nura: Bari in tattara don waɗanda suka shigo yanzu. An yarda M8N ba zai iya lungun ba. Hajiya Bilki da kanta ta ce F9P ya fi kama taurari kuma ya fi saurin farfaɗowa. Enkoda da kamfas an nuna suna kaucewa, leza kuma tana da matsalar gilashi. Saura RTK. Maganar jabu ba ta da tushe.

Injiniya Bilki: Ba haka na ce ba, Nura, ka ɗauki rabin jimlata. Sadiƙ, turo bayanan minti goman nan guda biyu, da hoton inda eriyar take a kan motar.

Sadiƙ: Eriyar tana kan murfin batir ne, babu faranti. Gobe da safe zan yi gwajin. Malam Auwal, murfin ƙarfen da iska mai zafi ake ɗaga shi ko da kan solda?