Manhaja ta ce minti 4, sai ga minti 9: wa za a yarda da shi?

Rabi: Jama'a, ni na daina yarda da manhajar da ke nuna lokacin isowar bas. Tana cewa saura minti 4, kafin in ɗaga kai ta koma 9. Zato kawai take yi. Jadawalin da aka manna a tasha ya fi ta gaskiya. Wanda ke da ja ya zo mu yi.

Nura: Ina da ja, Anti. Matsalar sabis ce kawai. Na'urar da ke cikin bas tana karɓar wurin da take daga tauraron ɗan'adam, ta aika wa kwamfutar kamfani. In motar ta shiga tsakanin dogayen gine-gine ko hanyar ƙarƙashin ƙasa, saƙo ya yanke, manhaja ta ci gaba da ƙirga a makance. Da saƙo ya dawo sai ta gyara.

Malam Sani: Hakan na faruwa, Nura, amma yawanci gyaran minti ɗaya ne ko biyu, don motar na aika wurinta duk bayan 'yan daƙiƙu, kamar 15 zuwa 30. Na yi aiki a ofishin tsara tashin motoci, kuma tsalle babba irin wannan ya fi zuwa daga wani wurin. Malama Rabi, tasharki na kusa da inda layin yake farawa?

Rabi: Ita ce ta uku daga babbar tasha.

Malam Sani: To nan gizo ke saƙa. Bari in buga misali. A jadawali, motarki za ta iso babbar tasha daga zuwanta na baya da 7:52, direba ya huta minti 8, ya tashi da 8:00, ya iso wurinki da 8:06. Yau cunkoso ya riƙe shi minti 12, bai shigo ba sai 8:04.

Da ƙarfe 8:00 babu wata mota da kwamfuta ke gani a kan tafiyarki, don wadda za ta yi ta har yanzu tana kan tafiyar baya. Sai manhaja ta ɗauko 8:06 daga jadawali ta ce saura minti 6. Da 8:02 ta ce saura 4. Ke kina zaton mota na matsowa, alhali agogo ne kawai ke tafiya. Da 8:04 direba ya iso, ya danna lambar sabuwar tafiya a na'urarsa. A lokacin ne kwamfuta ta gan shi a babbar tasha, ta lissafa minti 3 na sauke fasinja da lodi, da minti 6 na hanya, ta rubuta 9.

Kin ga ke nan 4 ɗin da kika yarda da shi na jadawali ne, 9 ɗin da ya ɓata miki rai shi ne na gaske.

Rabi: Ikon Allah. To me ya hana ta faɗa mini cewa daga jadawali ta ɗauko?

Malam Sani: Da yawansu suna faɗa, da ƙaramar alama. In lokacin na mota ce da ake bibiya, za ki ga 'yan layuka masu lanƙwasa kamar alamar sabis kusa da lambar, ko lambar ta canza launi. In babu, jadawali ne. Wasu allunan tasha kuma suna rubuta mintuna ga wadda ake gani, su rubuta lokacin agogo, kamar 8:06, ga wadda ba a gani. Mafi tabbaci, buɗe taswira. In ba ki ga hoton motar yana motsi a kan layi ba, kada ki ɗora komai a kan lambar.

Hajiya Binta: Ni ma haka wani mai tasi ya yi mini. Manhaja ta ce minti 3, ashe yana gidan mai a tsaye. Na soke, suka cire mini kuɗi.

Nura: Hajiya, wannan ta kiran tasi ce. Muna maganar bas mai layi da jadawali.

Hajiya Binta: Duk dai waya ce ke yi wa mutum alkawari.

Baba Iliya: Ni tsohon direba ne, kuma ina bayan Rabi ta wani ɓangare. Sani, ka faɗi tsallen da ke hawa, ba ka faɗi wanda ke sauka ba, kuma shi ne ke barin mutum a tasha.

Malam Sani: Gaskiyarka, Baba. Ci gaba.

Baba Iliya: A misalinka, wata manhajar na ganin motar tun tana tafiyar baya. Sai ta ce ta makara minti 12, ta ɗora 12 ɗin a kan 8:06, ta faɗa wa yarinyar nan 8:18. Ita kuma ta zauna a gida tana jira lokaci ya matso. Ni direba da na iso 8:04 ba zan zauna hutun minti 8 ba, in aka gama lodi 8:06 na tashi, 8:12 na wuce tasharta. Lamba ta faɗo daga minti 12 zuwa 6 lokaci guda. Wani lokacin ma mai kula da tasha ya ba wata motar da ke ajiye wannan tafiyar, ta tashi 8:00 daidai. Wanda ya bi takarda ya samu, wanda ya bi waya ya ga ƙura.

Nura: Amma Baba, wanda ya bi takarda a misalin farko ai ya tsaya jira har 8:13.

Baba Iliya: Ya tsaya minti 7, ya hau. Wancan zai jira ta gaba, rabin awa.

Malam Sani: Shi ya sa nake raba su. In layin motarsa na zuwa duk rabin awa ko duk awa, kuma kana kusa da inda yake farawa, ka iso tasha a lokacin jadawali ko da manhaja ta ce an makara. A yawancin kamfanoni doka ce direba kada ya bar babbar tasha kafin lokacinsa, haka ma wasu tashoshin tsakiya da aka ware don daidaita lokaci. Jadawali a nan yana faɗa maka farkon lokacin da za ta iya wucewa. Amma in layin na duk minti 6 ko 8 ne kuma kana tsakiyarsa, takarda ba ta da amfani sosai. Wadda ta makara tana tarar da fasinja da yawa a kowace tasha, ta ƙara makara, ta bayanta ta sami tasha wayam ta kamo ta, su iso biyu a jere. Manhaja ce kaɗai za ta nuna maka wannan giɓin.

Rabi: To motar ƙarshe ta dare fa? Nan ne na fi tsoro.

Malam Sani: Takarda, ki kuma zo minti 5 kafin lokaci. Titi babu kowa, mota na gudu fiye da matsakaicin da kwamfuta ta saba lissafi da shi, kuma a ƙananan tashoshi tana iya wucewa da wuri.

Nura: A nan ban yarda ba, Malam. In an soke motar ƙarshe saboda babu direba, takarda ba za ta faɗa ba. Mutum zai tsaya a duhu yana jiran abin da ba zai zo ba.

Malam Sani: Manhaja ma ba za ta faɗa ba sai wani a ofis ya shigar da sokewar da hannu. In bai shigar ba, za ta ƙirga maka har zuwa sifili daga jadawali, sannan lambar ta ɓace.

Nura: Ko da haka, rashin ganin motar a taswira ai bayani ne.

Baba Iliya: Ba kullum ba. Na sha tuƙa mota na'urarta a mace, ina kan hanya da fasinja cike, ofis ba ya ganina.

Rabi: Yanzu in taswira babu mota da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, in jira ko in nemi wata hanya?

Malam Sani: Ni zan ba ta minti 10 bayan lokacin takarda.

Nura: Ni ba zan kai 5 ba.