Shiru daga banki, mun mayar da kuɗi, ashe ya shiga

Nura: Salamu alaikum 'yan uwa. Sabis uku gare mu, kowanne da rumbun bayanansa: na walat, na tura kuɗi banki, da na littafin lissafi. Tsarin saga muke bi: a cire, a tura, in turawa ta gaza a mayar. Jiya wani ya tura naira 20,000, daƙiƙa 30 ba amsa, muka mayar masa, can sai ga shi kuɗin ya shiga wa wanda aka tura wa. Ina gyaran yake?

Sadiƙ: Wa alaikumus salam. In dai duk PostgreSQL ne, me ya hana ku `PREPARE TRANSACTION`? Ko duka su rubuta ko duka su fasa, magana ta ƙare.

Binta: Malam Sadiƙ, wannan zai iya ɗaure rumbunansu uku, amma ba zai ɗaure bankin wani ba, kuma a can ɓarakar take.

Nura, sagarku amsa biyu ta sani, ya shiga ko bai shiga ba, alhali akwai ta uku: ba mu sani ba tukuna. Ƙarewar lokacin jira cewa kawai take ba ku ji amsa ba. Mai yiwuwa saƙon bai isa ba, mai yiwuwa ya isa an biya, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Daga inda kuke zaune, waɗannan biyun kamarsu ɗaya.

In ni ce, kada walat ya cire kuɗin tun farko, ya riƙe shi. A ce mutum yana da 50,000, zai tura 20,000 da cajin naira 50. Sai a riƙe 20,050, abin da zai iya kashewa ya koma 29,950, saga tana `HELD`. Kafin a kira banki a rubuta `SENT` tare da lambar shaidar wannan turawar. Wannan kiran shi ne matakin da ba ya warwaruwa, don haka duk abin da zai iya gazawa, iyakar turawa ta yini ne ko tantance sunan mai asusu, a gama shi kafin nan. In amsa ta ce an biya, riƙon ya zama cirewa, littafi ya rubuta. Waɗannan biyun ba a fasa su, ana ta maimaitawa ne har su yi. In ta ce an ƙi ƙarara, a saki riƙon. In shiru ne:

```sql
UPDATE saga SET state = 'UNKNOWN'
WHERE id = $1 AND state = 'SENT';
```

Daga nan wani aiki na bayan fage ya riƙa tambayar matsayin waccan lambar, yana ƙara tazara tsakanin tambaya da tambaya. Sharaɗin `state` ɗin nan ku sa shi a kowane sauyi, domin amsar da ta makara da wannan mai tambayar suna iya isowa tare. Wanda ya ga layi sifili ya sauya, ya san an riga shi, sai ya haƙura. Kuma don Allah kada a sake turawa da sabuwar lamba, biya biyu ke nan.

Mansur: Anti Binta ta faɗi gaskiya. Mu namu daban ne: saƙon mayar da kuɗi ya iso walat sau biyu bayan sabis ya mutu ya tashi, aka zuba wa mutum sau biyu. Ku koma Kafka ku kunna `enable.idempotence`, saƙo ba zai ƙara maimaituwa ba.

Binta: Mansur, wannan yana hana mai aikawa ninka saƙo a cikin Kafka ne idan ya sake gwadawa. Amma in walat ya rubuta a rumbunsa ya mutu kafin ya sanar cewa ya gama, za a sake miƙa masa saƙon. Maganin yana wajen mai karɓa: tebur mai `UNIQUE (saga_id, step)`, a cika shi a rubutu guda da sauyin kuɗin. Na biyu in ya zo, rumbun da kansa zai ƙi shi.

Nura: Allah ya saka da alheri. To in kwana ya yi yana `UNKNOWN` fa? Mai kuɗi zai cika mu da kira.

Binta: Ni ba na saki sai an gwada da rahoton sasanta lissafi na masu haɗa ku da banki, mutum ya duba da idonsa. A manhaja ku rubuta masa cewa ana tantancewa, kada ku ce ta gaza, don zai sake turawa.

Mansur: A nan kam ban bi ki ba. Mai naira 2,000 ba za ka riƙe masa kuɗin cefane har gobe ba. Ƙananan kuɗi a sa musu iyaka a saki, kamfani ya ɗauki asarar in ta zo.

Sadiƙ: 'Yan damfara kuma su gano iyakar, su yi ta tura 1,900. Nura, a wata sau nawa shirun nan yake faruwa, kuma nawa ne a ciki ke zama an biya? Kawo wannan lissafin tukuna.