An riga ni sunan a Instagram

Maman Hanif: Salamu alaikum. Dambun naman da nake yi a Jekadafari nan Gombe nake son buɗe wa shafuka da suna ɗaya, `dambuninna`. Na samu a TikTok, amma a Instagram wata ta riga ni, kuma ko hoto ɗaya ba ta sa ba. Ya zan yi?

Auwal: Ki kai ƙararta kawai, za su ƙwace su ba ki.

Malam Sani: A'a Auwal, don mutum ya bar shafi a kwance ba sa miƙa wa wani sunansa. Hajiya, ki nemi wanda zai shiga ko'ina, kuma da X za ki fara gwaji don shi ne mai ƙofa ƙarama, harafi 15 kacal yake ɗauka. TikTok 24, Instagram 30.

Anti Bilki: Ki ji nawa, ƙanwata. Da na tarar an kama sunan turaren wutata, sai na ƙara `_` a tsakiya na ce shi ke nan, har na buga sitika 500 na manna a kwalabe. To a baki wa zai tsaya yana cewa "da ɗan layi a ƙasa"? Wata mai saye daga Kumo ta yi sati tana tura saƙo wancan shafin, ta dawo tana min ƙorafin ina da girman kai. Na je Facebook kuma aka ce layin ba ya shiga. Ragowar sitikar na nan a durowa, yara na liƙa wa firji.

Maman Hanif: To in sa ɗigo, Anti? `dambun.inna`

Malam Sani: X da Telegram ba sa karɓar ɗigo. Facebook yana karɓa amma ba ya lissafa shi, da ɗigo da babu duk suna ɗaya ne a wurinsa. Haruffa zalla za ki bi. Gwada `dambuninnagombe`, na ƙirga, 15 cif.

Baban Yusra: Ni fa shafina Ɗanlami Tela na rubuta, har da ƙugiyar, ya hau lafiya.

Auwal: Kawu, wannan sunan da ake gani a sama ne. Mu na bayan @ muke magana, can ɗ da ƙ ba sa shiga.

Umma Bauchi: Idan Allah Ya buɗa ta yi reshe a Wunti fa? Ta maƙale da gombe.

Auwal: 'Yan Bauchi ku riƙe masarku, ku bar mana dambu.

Umma Bauchi: Yaron da aka yanka daga jikinmu a 1996 ne ke magana.

Maman Hanif: Na duba X, ya ce babu shafi mai wannan sunan.

Malam Sani: Kar ki dogara da wannan. Sai kin rubuta shi a wurin sauya suna ya karɓa, don wani sunan a riƙe yake ko da ba a ganin shafin. Ki tabbatar da sauran tukuna kafin ki taɓa na TikTok, in kin canja sai bayan kwana 30.

Anti Bilki: Ni dai nawa ne roba ƙarama?