Na koma neman aiki bayan shekara 9 a gida, VLOOKUP ya tsayar da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Unguwar Rimi, Kaduna. Na yi HND a fannin akanta, na yi aiki shekara 3, sai haihuwa ta zo na ajiye. Yanzu autana ya shiga firamare, wata makaranta mai zaman kanta ta kira ni gwajin aikin akawu ranar Litinin. A zamanina da littafi da biro muke lissafi, su kuwa Excel suke so.

Da daddare, in yara sun yi barci kuma akwai wuta, nake koyo a tsohuwar kwamfutar maigida. Na shirya shafi biyu: ɗaya na lambobin ɗalibai da sunayensu, ɗaya mai suna Biya na kuɗin da kowa ya kawo. Na rubuta:

```
=VLOOKUP(A2,Biya!A:C,3,FALSE)
```

Sai `#N/A` yake fitowa, alhali da idona ina ganin lambar a shafin Biya. Abin da ya ɗaure min kai, in na goge lambar na sake bugawa da hannu, nan take kuɗin ya fito. Na lura waɗanda na kwafo daga wani fayil suna manne a gefen hagu na akwati, da ɗan koren tabo a kusurwa, nawa kuwa suna dama. Ina zargin Excel na ɗaukarsu rubutu maimakon lamba. Na gwada `TRIM`, bai canza komai ba.

Layi 300 ne, ba zan iya bi ɗaya-ɗaya ba. Yaya zan juya su gaba ɗaya lokaci guda?

Sannan Yaya ko Anti da ta taɓa komawa aiki bayan raino: shekarun nan 9, a takardar neman aiki kin rubuta dalili ne, ko kin bari sai sun tambaya?