Sau uku nake sayarwa a karyewar tsari, farashi yana dawowa

Don Allah 'yan uwa ku duba min. A jadawalin awa 4 farashi yana hawa, kowane kwari ya fi na baya tsayi: 100, 104, 108, kololuwa 115. Sai kyandir daya ya sauka 107, amma da jela kawai, ya rufe a 109. Na dauka juyawa ce na sayar, washegari ya haura 118 ya cinye min stop loss. Karo na uku kenan.

Shin sai jikin kyandir ya rufe kasan 108 ake kirga karyewa? Ko in jira ya sake hawa ya kasa kai 115 tukuna? Wannan jiran ne ke damuna, kafin ya tabbata rabin tafiyar ta wuce.