Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma: me gaisuwa take yi wa baƙo?

Ɗan Fagge: Jama'a, ana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A Kantin Kwari sai ka ga mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, daga "ya kasuwa, ya iyali" har sun saki jiki suna ciniki. Mene ne a cikin gaisuwar da yake kwantar da hankali haka, alhali kowa ya san amsar tun kafin ya tambaya?

Na Kurmi: Ai wannan karin maganar ba ta kasuwa ba ce, ta saukar baƙo ce a gida. Ana nufin ko ba ka da abin da za ka ba shi, kada ka haɗe rai. Ciniki kuwa farashi ne yake haɗa shi, ba murmushi ba.

Malamar Gwale: Asalinta kenan, Na Kurmi, amma wanda ya shigo shagonka ai baƙonka ne har ya fita. Ɗan Fagge, sanin amsar nan shi ne amfaninta. Abin da yake ɗaga wa mutum hankali a gaban wanda bai sani ba shi ne rashin sanin abin da zai yi nan gaba. Gaisuwa kuwa tambaya ce mai amsa ɗaya. Ka ce "ya gajiya", ranka ya riga ya sa ran jin "ba gajiya". Ya faɗa, abin da ka zata ya tabbata. Shi ma ya jefo tasa, ka amsa. A zagaye huɗu ko biyar, cikin abin da bai kai rabin minti ba, kowannenku ya gwada ɗan'uwansa sau da yawa ya ga yana tafiya a kan hanyar da aka sani.

Kuma kunnenka ba a kan kalmomin yake ba, yana kan yadda suka fito. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta sun auna hira a harsuna goma, suka ga tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa takan tsaya kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kuma amsar "a'a" ta fi ta "e" jinkirin fitowa. Shi ya sa idan ka yi sallama aka ɗan ja kafin a amsa, gabanka yake faɗuwa tun ba a ce maka komai ba.

Mai Atamfa: Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in kawo shi ƙasa. Ɗauki ɗan kasuwa da ya taso daga Damagaram zai sari atamfa, kuɗi a jikinsa, bai san kowa a layin ba. Zai tsaya daga bakin shago ya yi sallama, ba zai kutsa ba. Mai shago yana lissafi. In ya amsa kansa a ƙasa, baƙon zai ɗan taɓa yadi ɗaya ya wuce, ba zai ma tambayi kuɗin turmi ba. In kuwa ya ɗago, ya amsa har da "wa rahmatullah", ya ajiye biro ya miƙa hannu, ya ce "sannu da zuwa, ya hanya?", za ka ga kafaɗar mutumin ta sauka, hannun da ke dafe da aljihu ya saki, ya zauna a benci. Daga nan ne ake fara sauko da kaya. Don haka ni a ganina, iya tsawon gaisuwarka iya yardar da za ka samu.

Malamar Gwale: Alhaji, na yarda da komai ban da jimlar ƙarshe. Ba tsawo ba ne, daidaito ne. A misalinku mai shago ya ƙara kaɗan a kan abin da aka ba shi, kamar yadda aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta ce a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko irinta. Kaɗan ɗin nan yana nuna "na gan ka, na ba ka lokacina". Amma a ce baƙon ya yi gaisuwa biyu ya yi shiru, mai shago ya ci gaba: ya yara, ya mutan gida, ina ka sauka, kai kaɗai ka zo, har yanzu kuma bai saki hannunsa ba. Hannun nan zai koma kan aljihu. Tambayoyin farko ba neman labari suke ba, shi ya sa ba sa tsorata kowa. "Ina ka sauka" kuwa labari take nema, ga mutumin da ke ɗauke da kuɗi. Hausawa sun riga sun raɗa wa wannan suna: gaisuwa da roƙon iri.

Alamar da za ka gane ka wuce gona da iri ita ce ya daina mayar maka da tambaya. Kana ta tambaya yana ta "lafiya lau, lafiya lau", idonsa na kan kaya ko kan hanya. To gaisuwa ta ƙare tuntuni, kai ne ba ka ji ba.

Autan Ƙofar Mata: Hajiya, ku yi haƙuri, maganar jinkirin nan ban gamsu ba. Dattijo a cikin gari za ka durƙusa ka gaishe shi, sai ya ƙarasa jan carbinsa sannan ya ce "yauwa, sannu", kuma babu wanda yake jin an wulaƙanta shi. Mace da namiji ma ba sa musabaha, ba sa kallon juna ido cikin ido, amma gaisuwar tana aiki.

Malamar Gwale: Auta, ka kama ni a wani wuri. Hausa ba ta cikin harsuna goman, kuma ko a cikinsu an sami bambanci: Japanawa sun fi saurin amsawa, mutanen Denmark sun fi jinkiri. Abin da zan ce shi ne jinkirin dattijo ka zo da saninsa, don haka bai saɓa wa abin da ka zata ba. Da sa'anka ne ya yi maka haka, da ka tsargu. Haka macen da namiji baƙo ya miƙa wa hannu, hankalinta tashi zai yi, don ya kauce wa tsarin da ta sani.

Autan Ƙofar Mata: To idan baƙon bai san tsarin ba fa? Wanda ya zo daga kudu ya gaida dattijon nan ya ji shiru, ai zai ɗauka girman kai ne.

Na Kurmi: Ni har yanzu ina kan bakata. Macuci ya fi kowa iya gaisuwa. Wanda zai sayar maka da yadi maras kyau shi ne zai fara tambayar lafiyar iyalinka.

Malamar Gwale: Ba mu saɓa ba a nan. A 2006 Janine Willis da Alexander Todorov sun nuna wa mutane hotunan fuskoki na kashi ɗaya cikin goma na sakan, suka ga har sun yanke hukuncin wa ya yi kama da mai amana, kuma ƙarin lokaci bai canja hukuncin sosai ba, sai dai ya ƙara musu tabbaci a kansa. Saurin yanke hukunci daban, dacewarsa daban. Abin da gaisuwa take tabbatar maka ƙarami ne: mutumin nan ya san ka'ida kuma ya yarda ya bi ta da kai yanzu. Wannan ya isa ka zauna a bencinsa. Bai isa ka bar masa kuɗin dila guda ka ce ya aiko maka a mota ba. Wannan sai an warware turmi an duba, an karɓi rasit, an sami wanda ya san shi a layin.

Mai Atamfa: Duk da haka, Na Kurmi, wanda bai zauna a bencin ba ai ba zai kai ga warware turmin ba. Tambayar Auta kuma ina jiran amsarta, don masu zuwa daga kudu suna da yawa a Kwari.